An Rufe Maka Shago a Amazon: Magiya Ba Ta Buɗe Shi

Mai sayar da kaya a Amazon ba shi da maƙwabcin rumfa da zai shede shi. Abin da kamfanin ke dubawa lissafi ne, kuma mafi haɗari a cikinsa shi ne wanda ke bayyana da sunan Order Defect Rate a shafin Account Health. Ana tara cinikin kwana 60, a ƙirga wanda ya zo da matsala: mai saye ya ba da tauraro ɗaya ko biyu, ko ya kai ƙara ta A-to-z Guarantee, ko ya sa bankinsa ya janye kuɗin. Ƙa'ida ita ce kada waɗannan su kai kashi 1 cikin 100.

A ɗauka wata baiwar Allah tana sayar da man kaɗanya a robobi. Ta yi ciniki 300 cikin kwana 60, mutum 4 suka koka cewa man ya iso a narke, ya ɓata kwalin. Wannan kashi 1.3 ke nan, ta haura iyaka. Sai ta wayi gari an dakatar da asusunta, kayanta sun ɓace daga kasuwa, kuɗin cinikin da ba a tura mata ba kuma ana iya riƙe shi har kwana 90.

Nan ne akasarin mutane ke yi wa kansu illa. Cikin ruɗu sai su rubuta doguwar wasiƙa a ranar: iyali sun dogara da wannan sana'a, masu ƙorafin mahassada ne, a yi musu rai. Ma'aikacin da ke karantawa yana da tarin irinta a gabansa, kuma amsar tambaya uku kawai yake nema, abin da ake kira Plan of Action: mene ne tushen matsalar, me aka riga aka gyara, me zai hana ta dawowa.

Tambayar farko ce ke kayar da mutane. Idan ta rubuta cewa masu saye ba su gamsu ba, ta maimaita musu abin da suka sani ne. Sai ta buɗe cinikin nan 4 ɗaya bayan ɗaya, ta nemo abin da ya haɗa su. Wataƙila ta ga duk daga sabbin robobi ne da murfinsu ba shi da liƙi a ciki, kuma duk a lokacin zafi aka aika su. To wannan shi ne tushe, kuma sakacinta ne da ba ta gwada robar ba. Ta faɗi haka kai tsaye, da lambobin cinikin. Ɗora laifi kan mai saye ko kamfanin jigila kan jawo a ƙi ƙarar.

Gyaran kuma ya zama wanda an riga an yi: ta mayar wa mutum 4 ɗin kuɗinsu, ta janye sauran robobin, ta sayo masu liƙi. "Zan ƙara kula" ba ya auna komai. Amma "kowace roba ana liƙe bakinta, a sa ta a leda, a kifa ta a gani kafin ta shiga kwali" abu ne da mai karatu zai iya yarda da shi. Ta haɗa da hotunan sabon ƙunshin da rasitin sayen kayan. Idan ƙorafin na jabu ne, Amazon kan nemi takardun saye na cikin kwana 365, masu ɗauke da suna da adireshi da lambar wayar dillali. Kada a taɓa ko harafi ɗaya a jikinsu, domin takardar da aka yi wa kwaskwarima laifinta ya fi na farko girma.

Bayan ta aika, ta yi haƙuri. In an ƙi, ta karanta abin da aka ce babu, ta ƙara shi, kada ta sake tura tsohuwar wasiƙa. Abin da nake ja wa kowa kunne a kai shi ne buɗe sabon asusu da sunan ƙani ko miji. Kamfanin na iya haɗa asusun biyu ta adireshi, banki ko na'urar da aka shiga da ita, sai a rufe duka.

Kariya tana cikin ratar da ke tsakanin fushin mai saye da ƙararsa. Yawanci sai ya fara tuntuɓar mai kaya ya jira awa 48 kafin ya kai ƙarar A-to-z, kuma ana son a amsa saƙo cikin awa 24. Wanda ya mayar da kuɗin roba ɗaya a wannan tsakanin ya tsira da shagonsa. Ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa buƙatar wannan: mai ciniki 80 ƙorafi ɗaya ya kai shi kashi 1.25. Ba mai saye kyauta don ya goge ƙorafinsa kuwa haramun ne a dokar kamfanin, shi kaɗai ya isa a sake rufe asusun. Idan tafiya ta kama ko rashin lafiya, a kashe tallan kayan na ɗan lokaci, domin jinkirin aikawa ma da iyakarsa: kashi 4 cikin 100.