Me ya sa haraji ke wuyar kama ƴan kasuwar da ba su da rajista?

A kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano, ana iya cinikin tirela guda ta masara ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi tayi, a sallama, a tafa hannu, ya karɓi la'adarsa. Wani lokacin ma bashi ne, za a biya bayan an kai kaya Kudu, kuma shaidar kawai ita ce amana da mutanen da ke wurin. Irin wannan ciniki ne ke ciyar da yawancin jama'armu, kuma shi ne masana ke kira harkar da ba ta da rajista da hukuma: ƴan tireda, teloli, masu Keke Napep, mata masu sana'ar cikin gida, har da manyan fatake.

Don a gane inda gizo ke saƙa, sai a duba yadda ake karɓar haraji daga ma'aikaci. Albashinsa a rubuce yake, kuma mai biyansa ne ke cire haraji kafin kuɗin su iso hannunsa. Hukuma ba ta buƙatar ta yarda da maganarsa, domin akwai wani na uku da ya san gaskiyar abin da yake samu. Ɗan kasuwa kuwa shi kaɗai ya san ribarsa, sau da yawa ma shi kansa bai tantance ta ba, tunda aljihu ɗaya ne ke ɗauke da jari da kuɗin cefane da na makarantar yara. Harajin kuɗin shiga a kan riba ake ɗora shi. Idan babu littafin ciniki, babu rasit, babu asusun banki na shago, to babu abin da jami'i zai auna.

Sai kuma tsadar karɓa. Jami'in da aka tura ya zagaya rumfuna yana cin albashi da kuɗin mota, ga buga rasit. Idan ya yini yana tattara ƴan ɗaruruwan naira, abin da ya kawo bai lalle ya biya ɗawainiyar tura shi ba, balle a ce wani kaso ya maƙale a hanya.

Ganin ba a iya auna riba, gwamnatoci da yawa suka koma ga ƙiyasi. Dokar harajin kuɗin shiga ta Najeriya ta daɗe da ba da damar a yanka wa mutum haraji ta wannan hanya idan ba a iya gano abin da yake samu ba. Ana duba abin da ido ke gani, kamar irin sana'a, girman shago, unguwar da yake ko yawan kujerun mota, sai a yanka kuɗi tsayayye. Ko kuma a ɗauki ɗan kaso daga jimillar ciniki.

Hanyar tana da sauƙi, amma tana da illar da ya kamata kowa ya fahimta. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an ce kowa ya biya kashi 1 cikin 100 na cinikinsa. Ga mai sayar da shinkafa da ke sayar da buhu 20 a wata, kowane a kan naira 70,000. Cinikinsa ya kama naira miliyan 1.4, harajinsa naira 14,000. Amma ribarsa a kowane buhu naira 2,000 ce, wato 40,000 a wata. Ke nan an ɗauke masa fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da ya samu. Ga tela a maƙwabtansa da ya karɓi kuɗin ɗinki naira 200,000 a watan, ya kashe 80,000 a zare da man janareta da sallamar yara. Ribarsa 120,000, harajinsa 2,000 kacal. Wanda ya fi samu har ninki uku ya biya kashi ɗaya bisa bakwai na abin da ɗan'uwansa ya biya. Ƙa'ida ɗaya ce, amma nauyin ya faɗa kan mai ƙaramar riba.

Lissafin bai tsaya nan ba. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara. Mai shinkafar nan ribarsa a shekara 480,000 ce. Da yana da littafin da zai nuna, da ko kwabo ba a bin sa na harajin kuɗin shiga. Rashin rubutu da ke ɓoye mai kuɗi daga hukuma, shi ne kuma ke hana talaka kare kansa. Alamar da ake gane ƙiyasi ya kauce hanya ke nan: idan abin da aka yanka wa mai rumfa ya zarce abin da ma'aikaci mai samu daidai da nasa ke biya.

Ghana ta gwada wata dabara. A 1987 gwamnati ta ba ƙungiyar direbobin haya aikin karɓar haraji daga mambobinta a tashoshin mota, ƙungiyar tana ɗaukar kamasho. Hikimar a bayyane take, domin shugaban tasha ya san kowace mota da sawu nawa take yi, abin da jami'in haraji ba zai taɓa sani ba. Kuɗi sun shigo, amma aka yi ta kukan cewa ba duk abin da aka karɓa ke isa baitulmali ba, kuma hukuma ba ta da hanyar bincikar ƙungiya mai ƙarfin siyasa. A 2003 aka sauya zuwa takardar da direba ke saya duk wata uku ya manna a gilashin mota.

Daga baya ƙasar ta bi kuɗin da kansu. A watan Mayun 2022 ta sa harajin kashi 1.5 cikin 100 a kan kuɗin da ake turawa ta waya, da hujjar cewa ta nan za a cimma masu sana'ar da ba sa biya. Mutane da dama suka rage tura kuɗi ko suka koma tsaba, abin da aka tara ya gaza hasashe nesa ba kusa ba. Aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, Shugaba John Mahama kuma ya soke shi a Afrilun 2025. Harajin bai iya bambance cinikin ɗan kasuwa da kuɗin maganin da ɗa ya tura wa mahaifiyarsa ba.

Ni a ganina, babban kuskure shi ne cewa da ake yi waɗannan mutane ba sa biyan komai. Mai rumfa na biyan tikitin kasuwa, kuɗin shara, lasisin ƙaramar hukuma da kuɗin ƙungiya, kuma yana biyan harajin kayan masarufi duk lokacin da ya sayi katin waya. Direban da ya ɗauko kaya daga Arewa zuwa Legas ya san shingaye nawa ake tare shi. Yawancin wannan ba ya bayyana a lissafin gwamnati, shi kuma mai biya ba ya ganin magudanar ruwa ko fitila a kasuwarsa. A Kano ba a manta ba cewa soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi bayan hawansa mulki a 1979 na cikin abin da ya sa talakawa suka ƙaunace shi. Duk jami'in da ya shigo da rasit, da wannan tarihin yake cin karo.

Kuɗin da ke tserewa da gaske suna hannun ƴan tsirarun da ke saman harkar: mai rumbunan ajiya, mai jerin tireloli, mai gidajen haya, waɗanda ke juya miliyoyi amma a takarda matsayinsu ɗaya da mai tallan gyaɗa. Su kam suna barin sawu, domin filayensu na da takardar mallaka, motocinsu na da lamba, kayansu na ratsa kwastan, manyan kuɗinsu na bi ta banki. Haɗa waɗannan bayanai a kan lambar haraji ɗaya ya fi tura yara da tikiti cikin kasuwa araha, sai dai yana buƙatar hukumomin tarayya da na jihohi su yarda su buɗe wa juna littattafansu, su kuma yarda su tunkari mutanen da ke da ɗaurin gindi.