Alfa Ya Kai 0.8, Amma Me Aka Auna?

A farkon shekarun 1930, wani masanin zamantakewa na Jami'ar Stanford mai suna Richard LaPiere ya zaga Amurka tare da wani ɗan ƙasar Sin da matarsa. Lokaci ne da ƙyamar mutanen Sin ta yi ƙamari a ƙasar. Sun shiga otal-otal da gidajen cin abinci 251, kuma wuri ɗaya ne kawai ya ƙi karɓar su. Bayan wata shida, LaPiere ya aika wa wuraren takarda yana tambaya ko za su karɓi baƙi 'yan Sin. Wurare 128 suka amsa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ce a'a. Ya wallafa sakamakon a 1934.

An soki binciken, don ba lallai ne wanda ya amsa takardar ya zama shi ne ya tarbi baƙin ba. Duk da haka, tambayar da ya tayar tana nan daram a gaban duk ɗalibin da aka ba aikin darasin dabarun bincike: amsar da mutum ya rubuta a takarda, ita ce ra'ayin da ake nema, ko wani abu ne daban?

Abu biyu ake nema a jikin kowane ma'auni, kuma ɗalibai sun cika cakuɗa su. Na farko aminci: idan aka sake awo, abin da ake aunawa bai canza ba, za a sami sakamako iri ɗaya? Na biyu inganci: abin da aka ce ana aunawa, shi ɗin ake aunawa? Mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki misali ne mai kyau. Sau goma za a auna gero da shi, sau goma zai ba da awo guda, ga aminci ke nan. Amma abin da yake bayarwa bai cika mudu ba, don haka ba shi da inganci.

Ma'aunin ra'ayi da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Ana rubuta jimloli, mai amsa ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar, tun daga "ban yarda ba sam" mai maki 1 har zuwa "na yarda ƙwarai" mai maki 5, sannan a tara makin.

A ɗauka wata ɗaliba tana son auna ra'ayin 'yan sakandare game da darasin lissafi. Ta rubuta jimloli goma, ta raba wa yara, ta zuba amsoshin a manhajar SPSS, ta bi `Analyze > Scale > Reliability Analysis`. Lamba ta fito: 0.81. Wannan shi ne alfa na Cronbach, wanda Lee Cronbach ya bayyana a 1951, kuma yana nuna yadda jimlolin suke tafiya tare, wato ko yaron da ya ba jimla ta farko maki mai yawa yakan ba sauran ma. Tun da an saba ɗaukar 0.70 a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa, sai ta rubuta cikin murna cewa ma'auninta ingantacce ne. Nan malami zai ja jan biro, kuma da gaskiyarsa. Alfa shaida ce ta aminci kawai.

Sai a duba jimlolin nata. "Malamin lissafinmu yana da haƙuri." "Malaminmu yana amsa tambaya ba tare da tsawa ba." "Ina jin daɗin yadda malaminmu yake bayani." Idan bakwai cikin goma irin waɗannan ne, dole su tafi tare, kuma alfa zai yi sama. Sai dai abin da suke aunawa shi ne farin jinin malami. Yaron da ya tsani lissafi amma yake ƙaunar malaminsa zai sami maki 40 cikin 50, a rubuta shi cikin masoya lissafi.

Shi kansa alfa yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani: yana ƙaruwa da yawan jimloli. Ga yadda ake lissafa nau'insa mai sauƙi, inda k yake nufin adadin jimloli, r kuma matsakaicin dangantakar da ke tsakaninsu:

```
alfa = (k × r) / (1 + (k − 1) × r)
```

Idan r ya kasance 0.3 kuma jimloli biyar ne, alfa zai ba da 0.68, bai kai ba. Aka mai da su goma, dangantakar ba ta motsa ba, sai ya zama 0.81. Jimloli ashirin masu raunin dangantaka ta 0.2 ma za su ba da 0.83. Ashe ɗalibi zai iya tsallake 0.70 ta hanyar tara jimloli kawai. Alfan da ya haura 0.95 kuwa abin zargi ne, domin sau da yawa tambaya ɗaya ce aka yi ta sauya wa riga.

Akwai kuma masu cewa "na yarda" ga duk abin da aka karanta musu, musamman yara a gaban babba, ko a aji da malami yake tsaye a bakin ƙofa. Irin wannan amsa tana ƙara wa alfa ƙiba, tana rage inganci. Maganinta shi ne a sa wasu jimloli a juye, kamar "Da zan iya, da na daina shiga ajin lissafi", a kuma tuna a juya makinsu kafin a tara: a cire makin daga 6, 5 ya koma 1, 4 ya koma 2. Wanda ya manta da wannan zai ga alfansa ya faɗi warwas, wani lokaci har ƙasa da sifiri.

Wata hanyar gwada aminci ita ce a sake ba yaran nan takardar bayan kamar mako biyu a kwatanta makin. Idan tazarar ta yi gajarta za su tuna amsoshinsu, idan ta yi tsawo ra'ayin kansa zai iya canzawa.

Inganci kuwa ba ya fitowa da danna maɓalli ɗaya. Hujjoji ake tarawa. Da farko ɗalibar ta fayyace me take nufi da ra'ayi game da lissafi: jin daɗinsa, ganin amfaninsa, da niyyar ci gaba da shi. Ta ba malamai masana su duba ko kowane ɓangare ya sami jimlolinsa. Da ta yi haka, da tun a nan an kama jimlolin yabon malami. Sannan ta gwada makin da wani abu na waje: yaran da suka shiga ƙungiyar lissafi ta makaranta don ra'ayin kansu, sun fi sauran maki? Idan ba su fi ba, akwai matsala. A ƙarshe ta duba abin da bai kamata makin ya manne da shi ba, dabarar da Donald Campbell da Donald Fiske suka yi fice da ita a 1959. Idan ta auna son malami daban, ta ga makin biyu kusan abu guda ne, to ma'auninta bai raba su ba.

Dangantakar abubuwan biyu hanya ɗaya take bi. Ma'aunin da makinsa yake tsalle yau 20 gobe 45 ba zai iya hasashen komai ba, don haka sai da aminci ake samun inganci. Amma aminci shi kaɗai ba ya tabbatar da shi. Ɗalibin da zai miƙa irin wannan aiki ya rubuta alfansa a ƙarƙashin aminci, tare da adadin jimloli da na waɗanda suka amsa, sannan ya buɗe sashe daban ya faɗi su wa suka duba jimlolin, da wane abu na waje ya gwada makin, da kuma abin da ya gani.