Annobar 1348: Yadda mutuwa ta ɗaga farashin guminsu, doka ta yi ƙoƙarin danne shi

A watan Oktoban 1347 jiragen fatake suka shigar da wata annoba tashar Messina da ke tsibirin Sisili. Cutar, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga jikin ɓeraye, kan fito da kaluluwa a hamata da matsematsi, ta kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Kafin shekara huɗu ta cinye tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabin mutanen Turai. Ta isa Ingila a tsakiyar 1348, kuma takardun kotuna da na gandaye da suka tsira a can sun nuna abin da ya biyo baya dalla-dalla.

Kafin annobar, jama'a sun yi wa ƙasar noma yawa. Manoma da dama a ɗaure suke da gandun ubangida: suna yi masa aikin dole, ba sa barin ƙauye sai da izininsa. Da mutane suka ƙare, gonaki suna nan amma babu masu girbi. Lebura ya gane cewa idan wannan mai gandu ya ƙi ƙara masa lada, na gaba zai ƙara.

Masu mulki ba su ɓata lokaci ba. A watan Yunin 1349 Sarki Edward na Uku ya ba da umarni cewa duk mai lafiya da bai kai shekara 60 ba, wanda ba shi da sana'a ko gonar kansa, dole ya karɓi aikin da aka ba shi a kan ladan 1346. An kuma hana ba mai ƙarfi a jika sadaka. A 1351 majalisa ta mayar da umarnin doka mai lissafi: mai tara ciyawa kwabo ɗaya a yini, mai girbi kwabo biyu a makon farko na Agusta sannan uku bayan haka, babban kafinta kwabo uku. Wanda ya ƙi, a sa ƙafarsa a turu. Tarar da aka ci leburori kuwa an yi amfani da ita wajen rage harajin da ke kan masu dukiya, don haka maƙwabci ya sami dalilin kai ƙarar maƙwabcinsa.

Dokar ta yi cizo, amma ba ta iya haifar da ma'aikata ba. Masu gandu da kansu suka riƙa karya ta a ɓoye: a rubuta kwabo uku a littafi, a cika da nama, giya ko tufafi. Duk da haka talaka bai ji sauƙi nan take ba, domin hatsi ya yi tsada har wajen 1375. Sai da farashinsa ya faɗi ladan ya fara auki.

Imani ma ya girgiza. Limaman coci sun mutu da yawa saboda su ke zama a kan majinyata. A watan Janairun 1349 Bishop Ralph na Bath da Wells ya sanar cewa wanda mutuwa ta zo wa babu limami a kusa yana iya furta zunubansa ga mutumin gari, ko da mace ce. Coci da kanta ta nuna cewa a lokacin larura ana iya yi ba tare da limami ba. Bayan shekara talatin, wani limami mai suna John Ball ya riƙa wa'azi cewa tun da kowa daga Adamu da Hauwa'u ya fito, babu wanda aka halitta bawan wani.

Abin ya fashe ne a kan haraji. Don biyan kuɗin yaƙi da Faransa, majalisa ta sa harajin kai sau uku tsakanin 1377 da 1380. Na farko kwabo huɗu ne, na uku sule guda, wato kwabo goma sha biyu. A lissafin dokar 1351, babban kafinta da matarsa za su biya ladan kwana takwas. A watan Yunin 1381 manoman Kent da Essex suka shiga Landan ƙarƙashin Wat Tyler, suka fille kan Babban Bishop Simon Sudbury. Sun nemi Sarki Richard na Biyu, mai shekara 14, ya soke aikin dole, ya tsayar da kuɗin haya a kwabo huɗu kan kowace eka. Ya amince. Bayan an kashe Tyler ya janye alkawarin, aka rataye Ball.

Tawayen ya faɗi, amma an daina karɓar harajin kai, aikin dole kuma ya riƙa zaizayewa cikin ƙarni na 15, domin masu gandu sun gwammace su ba da haya da su rasa manoma. Wannan bai faru ko'ina ba: a gabashin Turai, inda masu ƙasa suka fi ƙarfi, daga baya sai aka ƙara ɗaure manoma da gona. Ƙarancin ma'aikata ya ba talaka bakin ciniki, amma yawan abin da ya samu ya dogara ne da wanda ke riƙe da doka da kuma yadda yake iya tilasta ta.