Garkuwar Al'umma: Yadda Rigakafin Wasu Ke Kare Wasu

Garkuwar al'umma yanayi ne da mafi yawan mutanen wani wuri suka samu kariya daga wata cuta mai yaɗuwa, har cutar ta rasa hanyar ratsawa daga wannan zuwa wancan. Ƙwayar cuta irin ta ƙyanda ba ta ɗorewa sai ta samu sabon jikin da za ta shiga. Idan duk inda ta nufa ta tarar da mai kariya, yaɗuwarta ta tsaya.

Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. A inda babu mai kariya, mutum ɗaya yakan harbi mutane 12 zuwa 18, kuma yana fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. A ɗauka yaro mai ƙyanda zai iya harbin mutum 15. Idan kashi 80 cikin ɗari na 'yan unguwarsu suna da kariya, uku ne za su kamu. Ukun nan su harbi tara, taran su harbi 27, annoba ta tashi ke nan. Amma idan masu kariya sun kai kashi 95, abin da zai harba bai kai mutum ɗaya ba a lissafi, sai cutar ta riƙa raguwa har ta ɓace. Shi ya sa ake neman kashi 95 ga ƙyanda.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan su ne mutanen da ba za a iya yi wa allurar ba. A Najeriya sai jariri ya kai wata tara ake yi masa ta farko, alhali kariyar da ya samo daga mahaifiyarsa takan yi rauni kafin lokacin. Haka kuma allurar tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, don haka ba a yi wa mai juna biyu, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai, kamar mai karɓar maganin ciwon daji. Kariyar waɗannan tana hannun 'yan gidansu da maƙwabtansu.

Garkuwar nan takan tsage. Kullum ana haihuwa, kuma idan ba a yi wa jariran allura ba, marasa kariya suna ta taruwa. Allura ɗaya ma ba ta kama kowane yaro, shi ya sa ake ƙara ta biyu a wata 15. Sannan jiha tana iya nuna adadi mai kyau, amma a samu unguwa guda da aka bari a baya, kuma daga nan cutar ke ɓarkewa. Ganin ƙyanda a jikin jariran da ba su kai wata tara ba alama ce cewa garkuwar ta yi rauni.

Wannan kariya ta shafi cututtukan da mutum ke ɗauka daga mutum ne kawai. Cutar sarƙewar haƙora, wadda ƙwayarta ke cikin ƙasa tana shiga ta rauni, allurar maƙwabci ba ta kare kowa daga ita.