Yadda Ake Tsara Bidiyon Amsa Ƙorafin Mai Saye

A shekarar 2009 wata mata a birnin Shikago na Amurka ta yi odar fiza daga wani shagon kamfanin Domino's. Abincin ya yi latti, kuma da ya iso ba abin da ta nema aka kawo ba. Sai ta hau Twitter ta amayar da abin da ke cikinta. Mai kula da shagunan yankin, Ramon De Leon, bai tsaya ga rubuta mata layi biyu na ban haƙuri ba. Ya kira manajan shagon da aka yi kuskuren, suka tsaya tare a gaban kyamara, suka amsa laifi, suka nemi afuwarta, suka saki bidiyon a fili. Dubban mutanen da ba su san da ƙorafin ba sai ga shi suna yaɗa amsar, har masu koyar da harkar talla suka riƙa buga misali da ita.

Abin lura shi ne, wanda ya kai ƙararka gaban jama'a ya tara maka 'yan kallo kyauta. Su ba kayansu ne ya ɓaci ba. Abin da suke jira su gani shi ne yadda kake yi wa mutum bayan kuɗinsa ya shiga hannunka, domin gobe su ne a matsayinsa. Saboda haka bidiyon amsa yana da masu sauraro iri biyu, mai ƙorafi da 'yan kallo, kuma ba a samun na biyun sai an gama da na farkon. A fara gyara ɓarnar tukuna, sannan a kunna kyamara. Wanda ya juya wannan tsari, ya yi alkawari a bidiyo alhali mai ƙorafi ba ta ga komai a ƙasa ba, to ya miƙa mata sandar dukansa, don za ta dawo ƙarƙashin bidiyon ta rubuta cewa har yanzu shiru take ji.

Mu ƙaddara wata mai sayar da yadi ce a Kano, tana tallata hajarta ta waya. Wata mata a Kaduna ta biya kuɗin turmi 6 na atamfar anko, bikin ƙanwarta saura kwana 8. Kaya suka iso tasha, aka buɗe, sai ga turmi 4 daidai, 2 kuwa wani launi daban. Ta kira sau uku ba a ɗauka ba, ta yi bidiyo tana ɗaga atamfar tana cewa an cuce ta. Mai kaya ta kira ta a ranar, ta ɗora turmi biyun a motar safe, ta biya kuɗin mota daga aljihunta, ta kuma nemi izinin yin magana a kan lamarin a fili. Sai da saƙo ya isa hannu sannan ta zauna ta rubuta abin da za ta faɗa:

“Assalamu alaikum. Jiya wata Hajiya ta nuna atamfar da muka aika mata Kaduna, turmi shida ta biya, biyu suka zo ba launin da ta zaɓa ba, ta kuma kira mu sau uku ba mu ɗauka ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Hajiya, ki yi haƙuri, mun saka ki cikin tashin hankali ana saura kwana takwas biki. Abin da ya faru shi ne, mun ɗaure oda biyu a lokaci guda ba tare da an duba da rasit ba, kuma ni ce ya kamata in duba. Yau da safe turmi biyun sun isa hannunta, kuɗin mota a kanmu. Daga yau babu ƙullin da zai fita shagon nan sai mun ɗauki hotonsa a buɗe mun tura wa mai shi ya ce haka ne. Wanda duk ya taɓa samun irin wannan matsala da mu, ya yi mana magana ta lambar shago, ni zan amsa.”

Idan aka karanta wannan a natse, kusan minti guda zai ci, kuma hakan ya wadatar. Jimlar farko bayan sallama ita ce mafi wahala. Ta maimaita ƙorafin da cikakken nauyinsa, har da kiran da ba a ɗauka ba, wanda shi ne ya fi zafi kuma shi ne mafi yawan 'yan kasuwa za su so su tsallake. 'Yan kallo sun riga sun ga bidiyon Hajiya, in aka rage wani abu za su gane nan take. Haka kuma babu kalmar “idan” a cikin ban haƙurin. Mai cewa “idan mun ɓata miki rai ki yi haƙuri” bai amsa komai ba, ya ma jefa shakka a kan maganar matar. Dalilin kuskuren jimla ɗaya aka ba shi, domin da zarar bayani ya yi tsawo ya koma kare kai. Kuma ba a jingina laifin ga yaron shago ko direba ba. Mutane ba sa son ganin babba yana fakewa da na ƙasa da shi.

Hoton ma yana magana. Lokacin da take cewa kaya sun isa, sai a nuna turmi biyun ko ƙullin a tasha. Lokacin da take faɗar sabon tsari, a ga ana ɗaukar hoton ƙulli a buɗe. Amma a rufe suna, lambar waya da lambar asusu a kan kowane rasit. Sannan a haddace maganar, a dubi idon kyamara. A watan Afrilun 2009 shugaban Domino's na Amurka, Patrick Doyle, ya yi bidiyon ban haƙuri a YouTube bayan wasu ma'aikata biyu sun ɗauki kansu suna ƙazanta da abinci. Kalamansa ba su da laifi, amma ya sha suka saboda idonsa na kallon gefe kamar mai karanta takarda.

Ba kowane ƙorafi ne ya cancanci bidiyo ba. In mutum biyar ne kawai suka gani, kiran waya ya isa, bidiyo sai dai ya tallata abin da ba a sani ba. In maganar ta shafi lafiya, kamar man shafawa da aka ce ya ƙona fata, ko ta kai gaban hukuma, a dakatar da sayar da kayan a nemi shawarar lauya kafin a furta komai a fili. In kuwa ƙorafin ƙarya ne, a nuna hujja cikin ladabi ba tare da ban haƙurin abin da ba a yi ba, kuma kada a saki mabiya su far wa mutum da zagi. Ana gane amsar da ta kauce hanya daga abin da ake rubutawa a ƙarƙashinta: in jama'a sun koma gardamar wa ke da gaskiya, ko wasu sun fara fito da nasu tsofaffin ƙorafe-ƙorafen da ba a taɓa amsawa ba, to bidiyo ya riga gyara fita.

Wani tarko kuma shi ne kwaɗayin talla. Kada a rufe bidiyon da cewa sabbin kaya sun iso ko an yi ragi. Mai karatu, in hannunka na ƙaiƙayin ƙara wannan layin, bar shi sai wani satin.