Launi Uku da Haske Ɗaya: Yadda Ake Zanen Fiksel

Zanen fiksel zane ne da ake jera shi ɗigo bayan ɗigo a kan allon kwamfuta, kowane ɗigo kuma launi ɗaya tak yake ɗauka. Ƙananan hotunan da ke motsi a wasannin bidiyo, mutum ne ko dabba ko tukunya, su ake kira sifirayit. Salon ya samo asali ne daga ƙarancin ƙarfin na'urorin da. Na'urar Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, ba ta barin sifirayit ya wuce launi uku, sai na huɗu da ake bari fanko domin a ga abin da ke baya. Ƙaramin Mario na wasan Super Mario Bros. na 1985 bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba. Tun a Donkey Kong na 1981 Shigeru Miyamoto ya yi masa gashin baki da hula, saboda baki da suma ba sa fitowa a fili mai ƙanƙanta haka.

Idan launi ya yi kaɗan, kowanne sai ya san aikinsa. Gwanaye ba sa fara tambayar ko ja ne ko kore. Suna fara raba aiki: ɗaya na wurin da haske ya buga, ɗaya na ainihin jikin abin, ɗaya na inuwa. Kafin a ɗiga komai kuma sai an tsayar da inda haske yake fitowa. Galibi ana zaɓar sama ta hagu, kuma da zarar an zaɓa, duk abin da ke cikin wasan dole ya bi.

A ɗauki tulu a fili mai ɗigo 16 sau 16. Da farko ana cike siffarsa duka da jan ƙasa, ba ado ko ɗaya. In ba a gane tulu ne a wannan mataki ba, inuwa ba za ta cece shi ba. Sannan a kawo launi mai duhu a bi gefen dama da gindi, a lanƙwasa shi kamar jinjirin wata, faɗin ɗigo biyu ko uku a inda cikin ya fi tudu. Ƙarƙashin leɓen tulun ma yana samun layi guda na duhu, domin leɓen ya tare wa wuya haske. Launi mai haske shi ne na ƙarshe, kuma da rowa ake sa shi: ɗigo uku ko huɗu a kafaɗar hagu, ɗan nesa da gefe. Idan ya yi yawa ko ya kai fari, tulun ƙasa sai ya koma kamar na tangaran.

Zaɓen launukan ma da dabara. Wanda ya ƙara baƙi kawai don samun inuwa, zanensa kan fito a dushe kamar ya sha ƙura. Abin da ya fi shi ne a karkata inuwa wajen shunayya ko shuɗi, haske kuma wajen ruwan ɗorawa. Gwajin yana da sauƙi: a mai da hoton fari-da-baƙi. Idan launi biyu suka zama toka iri ɗaya, ɗayansu zaman banza yake yi. Masu zana wa Game Boy na 1989 ba su da wani abin dogaro sai wannan bambanci, domin matakin duhu huɗu kaɗai allonsa ke nunawa. A manhajar Aseprite, tsarin `Indexed` yana hana mai zane fita daga launukan da ya ware.

Kuskuren da ya fi kama sabon hannu shi ne ya zagaye siffa da duhu ta ko'ina, ya bar haske a tsakiya. Masu sana'ar na kiransa inuwar matashin kai, saboda komai kan kumbura kamar filo. Ana gane shi da tambaya ɗaya: daga ina hasken ya zo? In babu amsa, to an faɗa ciki.

Akwai kuma matsalar juyi. Don a rage aiki da wurin ajiya, akan zana mutum yana fuskantar dama, in zai tafi hagu sai na'ura ta juya hoton kamar madubi. Hasken da ke kafaɗar hagu sai ya tsallaka dama, alhali tulun da ke kusa da shi bai sauya ba. A ƙaramin sifirayit 'yan wasa ba su cika lura ba, amma a babba abin yana fitowa fili. Mafita biyu ce: ko a zana kowace fuska daban, aiki ya ninka, ko kuma a saukar da haske daga sama tsaye, inuwa ta tsaya ƙarƙashin hula da haɓa da tsakanin ƙafafu, inda juyi ba ya taɓa ta.