Yadda jerin sunaye ke komawa katin vCard: kowane bayani da gurbinsa

Sakataren ƙungiyar manoma, ko na ƙungiyar iyayen yara a makarantar Islamiyya, ya san wannan wahalar. Sunayen mutane ɗari biyu ne da lambobin wayarsu a rubuce, wasu a littafi, wasu a saƙon WhatsApp, wasu kuma a Excel, ga shugaba yana so kowane ɗan kwamiti ya same su a wayarsa kafin taron Asabar. In an ce a shigar da su ɗaya bayan ɗaya, yini guda bai isa ba, kuma da wuya a gama ba a musanya wata lamba da wata ba. Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da jerin fayil guda na vCard, a tura wa kowa, ya buɗe, waya ta kwashe sunayen gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tura wa wani lamba ta WhatsApp ya yi amfani da vCard ko da bai sani ba, domin ɗan katin nan da ke fitowa da suna, shi ne. Tsarin ya girmi wayoyin hannunmu. Wata gamayyar kamfanoni mai suna Versit, wadda ta haɗa Apple da AT&T da IBM da Siemens, ita ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Siga ta 2.1 ta fito a 1996, ta 3.0 a 1998, ta 4.0 kuma a 2011. Ga mai haɗa jerin ƙungiya, 3.0 ta fi dacewa, don ita ce wayoyin Android da iPhone ke karanta ba gardama. Fayil ɗin kansa rubutu ne zalla da Notepad ma ke iya buɗewa, sunansa kawai ke ƙarewa da `.vcf`.

A ɗauki layi ɗaya daga irin wannan jeri. Suna da lambobi duk na misali ne: Alhaji Musa Garba Ɗanbatta, mai taki, 08030000001 / 07010000002, shago na 12, Layin Masu Taki, Ɗanbatta. Mutum da ya karanta ya gane wane ne suna, wace ce sana'a, ina ne adireshi. Waya ba ta da wannan basirar, sai an yi wa kowane bayani laƙabi. Ga yadda layin ke komawa:

```
BEGIN:VCARD
VERSION:3.0
N:Ɗanbatta;Musa;Garba;Alhaji;
FN:Alhaji Musa Garba Ɗanbatta
TEL;TYPE=CELL:+2348030000001
TEL;TYPE=WORK:+2347010000002
ADR;TYPE=WORK:;;Shago na 12\, Layin Masu Taki;Ɗanbatta;Kano;;Nigeria
NOTE:Mai taki
END:VCARD
```

Kowane layi ƙirarsa ɗaya ce: laƙabi a hagu, ruwa biyu a tsakiya, bayani a dama. Layin farko da na ƙarshe su ke nuna inda katin mutum ɗaya ya fara da inda ya ƙare. Katin na biyu zai biyo a ƙasa da nasa `BEGIN:VCARD`, haka har mutum na ɗari biyu, duk a fayil guda. In aka manta `END:VCARD` a wani wuri, ko dai waya ta ƙi fayil ɗin, ko a ga lambobin mutum biyu sun cakuɗe ƙarƙashin suna ɗaya.

Inda aikin yake da gaske shi ne layin suna. Siga ta 3.0 ta wajabta layuka biyu na suna. `FN` shi ne cikakken suna yadda ake so a gan shi, a rubuta shi kamar yadda ake faɗa. `N` kuwa sunan ne a rarrabe cikin gurbi biyar, kuma jerinsu ba ya canzawa: sunan dangi, sunan yanka, sunan tsakiya, laƙabin da ke zuwa kafin suna, sai wanda ke zuwa bayansa. Waƙafi mai ruwa ne ke raba gurbi da gurbi, saboda haka guda huɗu ake sawa ko da wasu guraben babu komai a ciki. Kamar rumfunan kasuwa ne, ko mai rumfa ta biyu bai fito ba, rumfa ta uku ba ta zama ta biyu. Shi ya sa layin Alhaji Musa ya ƙare da waƙafi mai ruwa: gurbi na biyar yana nan, fanko ne kawai.

Waɗanda suka tsara guraben nan sunan Turawa suke kallo, inda kowa ke da sunan dangi da ake gada. Bahaushe kuwa sunansa ne, sai na mahaifinsa, sau da yawa sai na garinsu ko unguwarsu, ga Alhaji ko Malam ko Hajiya a gaba. To wanne ne sunan dangi, Garba ko Ɗanbatta? Ƙa'idar vCard ba ta da amsa, kuma babu manhajar da za ta yanke hukuncin daidai. Sakatare ne zai yanke, shi da ya san mutanensa. Abin da ya fi shi ne a tsai da doka guda tun farko, misali sunan ƙarshe na cikin rajistar ƙungiya shi ke shiga gurbin farko, a bi ta har ƙarshen jerin. Dalili kuwa, wayoyi da yawa daga `N` suke jera sunaye, wasu ma daga nan suke haɗa sunan da suke nunawa. In aka bar Alhaji ya faɗa gurbin sunan yanka, rabin ƙungiya za su taru a ƙarƙashin harafin A, neman mutum ya koma aiki. Wannan shi ne kuskuren da aka fi samu daga manhajojin da ke raba suna da kansu, domin kalmar farko suke ɗauka su ce ita ce sunan mutum.

Akwai kuma sunan da mutane suka fi sani. Matar da aka rubuta Hajiya Binta Sani a rajista, amma unguwa kaf Maman Sadiq ake ce mata, tana da layin da aka tanada domin haka: `NICKNAME:Maman Sadiq`. Sunan kamfani ko makaranta `ORG` ne gurbinsa, muƙami irin na ma'aji ko shugaba `TITLE`, adireshin imel `EMAIL`. Abin da bai da gurbi na musamman, irin su sana'a ko "a kira shi bayan la'asar", sai ya tafi `NOTE`. Cusa waɗannan a cikin suna shi ke haifar da irin sunayen nan masu tsawon da allon waya ba ya ɗauka.

Lambar waya ta fi sauƙin fahimta, amma ta fi saurin lalacewa. A jerin asali an rubuta lambobi biyu a haɗe da ɗan karan tsaye a tsakani. In aka kwafe su haka cikin `TEL` guda, waya za ta ɗauke su lamba ɗaya mai tsawo, kira ba zai shiga ba. Kowace lamba layinta daban, da irin nata bayan `TYPE=`: `CELL` ta hannu, `WORK` ta wurin aiki, `HOME` ta gida. A lura cewa waƙafi mai ruwa ne tsakanin `TEL` da `TYPE`, ruwa biyu kuma sai dab da lambar. Musanya su kan sa a ga suna ya shiga waya babu lamba.

Ya kamata a rubuta lamba da lambar ƙasa, musamman in ƙungiyar tana da mambobi a ƙetare, kamar 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi. Ta Najeriya, a cire sifilin farko a sa +234, lambobi goma su biyo baya. Ta Nijar +227 ce da lambobi takwas, babu sifilin da za a cire. Rubuta +234 a kuma bar sifilin kuskure ne da ake yawan gani.

Excel na da nata ɓarnar a nan. In ba a mai da ginshiƙin lambobi `Text` ba kafin a zuba su, tana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, ta share sifilin farko, 08030000001 ta koma 8030000001. Wannan da sauƙi. Mafi muni shi ne lamba mai 234 a gaba, wadda ta kai lambobi goma sha uku. Excel kan nuna ta kamar `2.348E+12`, kuma in aka adana fayil ɗin a haka a matsayin CSV, sauran lambobin sun tafi ke nan, sai an koma littafin asali. Ga lambobin Najeriya da ba su lalace haka ba, in suna ginshiƙin C kuma ba tazara a cikinsu, wannan lissafin yana gyara su ko sifilin yana nan ko ya faɗi, domin goman ƙarshe kawai yake ɗauka:

```
="TEL;TYPE=CELL:+234"&RIGHT(C2,10)
```

Sai a ja shi ƙasa har ƙarshen jerin. Lambobin Nijar a ware su, a yi musu nasu da 227 da 8.

Adireshi irin dokar suna yake bi, sai dai gurbinsa bakwai ne: akwatin gidan waya, ƙarin bayani, titi, gari, jiha, lambar yanki, ƙasa. Biyun farko kusan kullum fanko ake barinsu, shi ya sa layin ya fara da waƙafi mai ruwa guda biyu. In aka yar da su, sunan titi zai zame ya koma gurbin akwatin gidan waya, kowane bayani ya bar mazauninsa. Waƙafin da ke cikin adireshin kansa kuma ana sa masa `\` a gaba, don a nuna wa waya cewa ɓangaren rubutun ne, ba mai raba gurbi ba.

Saura haruffanmu masu lanƙwasa. Ɗanbatta, Ɗanladi, Ƙofar Mata, duk suna buƙatar a adana fayil da tsarin `UTF-8`. A Notepad, wurin `Save As`, akwai akwatin `Encoding` a ƙasa. In aka zaɓi `ANSI`, haruffan ɓ da ɗ da ƙ za su lalace, galibi su koma alamar tambaya, a ga ?anbatta a waya, kuma ba a iya dawo da su daga wannan fayil ɗin. A wurin dai ake zaɓar `All files` a rubuta suna kamar `kungiya.vcf`, in ba haka ba Notepad na iya liƙa masa `.txt` a ƙarshe, waya ta buɗe shi kamar wasiƙa.

Kafin a tura wa kwamiti, a gwada da kati uku kacal, a zaɓi masu wuya: mai laƙabi, mai lambobi biyu, da mai harafi mai lanƙwasa. A shigar da su, a buɗe kowanne a shafin gyara, don a nan ne waya ke nuna abin da ya faɗa kowane gurbi. A kira lamba ɗaya a ji ko ta shiga. In komai ya zauna daidai, a goge ukun nan kafin a zuba babban fayil, kada su fito sau biyu. Sannan a ƙirga: in jerin ɗari biyu ne amma ɗari da casa'in da bakwai suka shiga, akwai katunan da layin buɗewa ko na rufewarsu ya samu matsala. Wanda ya shigar ta Google Contacts yana da damar komawa baya, domin a can akwai `Undo changes`, mai mayar da jerin yadda yake a kowane lokaci cikin kwana 30 da suka wuce.